Takardar Famfon Burtsatse a Bakin Bahaushe: Yadda Ake Fassara Tsayi, Yawan Ruwa da Cin Wuta

Duk famfon nutso na kirki, irin wanda ake zurawa cikin rijiyar burtsatse, masu sana'a suna ce masa sumo, yana zuwa da takardar bayani. Yawanci shafi biyu ne ko uku: sunan famfon da lambarsa, jadawalin alƙaluma, da wani zane mai lanƙwasassun layuka. A cikin wannan 'yar takarda ne kamfani ya faɗi gaskiyar abin da famfonsa zai iya da abin da ba zai iya ba. Amma da Turanci take, ko Faransanci, kuma ba Turancin makaranta ba, na injiniyoyi. Kwamitin masallaci ko na unguwa da ya tara kuɗi da kyar domin sayen famfo ba ya iya karanta ta, sai ya dogara da abu biyu da aka buga da manyan haruffa a jikin kwali. Wannan dogaro shi ke ƙona famfuna da yawa kafin su shekara.

Saboda haka ake neman a mayar da takardar Hausa. Aikin kuwa ba na buɗe ƙamus ba ne. Wanda bai san abin da famfo yake yi a cikin rami ba zai iya fassara kowace kalma daidai, amma takardar ta fito tana faɗin ƙarya.

Mu ɗauki rijiya guda mu bi ta har ƙarshe. Alƙaluman misali ne, amma irin waɗanda ake gani a aiki. Wata makarantar kwana ta haƙa burtsatse mai zurfin mita 80. Idan rijiyar ta kwana ba a ja ba, ruwa yana tsayawa a mita 18 daga doron ƙasa. Da aka yi gwajin ja, aka ga idan ana ɗibar lita 3,000 a awa ruwan yana sauka zuwa mita 32 ya tsaya nan, amma idan aka wuce lita 3,500 sai ya yi ta sauka ba tsayawa. An shirya rataye famfo a mita 45. Bakin tankin yana sama da ƙasa da mita 9. Makarantar tana bukatar lita 15,000 a rana, kuma janareta na aiki awa biyar, wato lita 3,000 a kowace awa.

Kalmar da ta fi ɓatar da mutane

A gefen zanen, a layin da ke tsaye, za ka ga harafin H da ƙaramin m, ko kalmar Head. Ba wanda zai ce "kai" a nan, ko sabon mai fassara ya san ba haka ba ne. Tarkon yana cikin kalmar da ta fi kama da daidai, wato "zurfi". Tunda da mita ake aunawa, kuma maganar rijiya ake yi, hankali yakan tafi can. Da zarar an rubuta "zurfi", mai karatu zai ɗauko zurfin rijiyarsa, mita 80, ya tafi kasuwa da shi.

Abin da H ke nufi shi ne tsayin da famfo zai tura ruwa zuwa sama, kuma ba daga gindin rijiya ake fara ƙirga shi ba, ba kuma daga inda famfon yake rataye ba. Daga saman ruwan ake farawa, a daidai lokacin da ake ja. Dalili kuwa ruwan da ke kewaye da famfon shi da kansa yake tura ruwa cikin bututu har zuwa daidai tsayinsa, ba tare da famfo ya yi komai ba. Aikin famfo yana farawa ne daga inda ruwan rijiya ya tsaya. A makarantarmu ke nan mita 32 ne zuwa doron ƙasa, da mita 9 zuwa bakin tanki, jimla 41. Sai a ƙara abin da bututu ke ci. Ruwa yana gogar bangon bututu, yana karo da kowace kwana da kowane bawul, kuma wannan gogayya ita ma da mita ake lissafa ta. A bututun roba mai faɗin inci ɗaya da kwata, mai tsawon kamar mita 85 tun daga famfo har tanki, za ta kai mita 4. Tsayin da ake bukata ya zama mita 45. Da za a yi rowa a sa bututun inci ɗaya, abin da gogayya ke ci zai ninka sau uku ko huɗu.

Ni a wurina fassarar da ta fi riƙe ma'anar ita ce "tsayin turi", tare da jimla guda ta bayani a wurin da kalmar ta fara fitowa: ana auna shi daga saman ruwa lokacin ja zuwa bakin tanki, haɗe da abin da bututu ya ci. Wani zai fi son "tsayin ɗaga ruwa", ba laifi, muddin aka tsaya kan guda daga farko har ƙarshe. A bar "zurfi" ga mai ita, domin akwai layin da ke bukatarta. Takardun nan sukan faɗi iyakar zurfin da aka yarda a nutsar da famfon ƙarƙashin ruwa, saboda nauyin ruwa kan moton. Wannan wani abu ne daban. Idan mai fassara ya kira su biyun "zurfi", ya haɗa abubuwan da kamfani ya raba da gangan.

Wasu takardun suna ba da tsayin turi da bar ko ƙafa. Bar ɗaya ya kai kusan mita 10.2 na ruwa, ƙafa ɗaya kuma mita 0.3048 ce. Famfon da aka rubuta masa ƙafa 150 mita 46 kawai yake nufi, kuma an sha ganin wanda ya karanta 150 ya ɗauka mita ne. Mai fassara ya bar alƙalamin asali yadda yake, ya sa na mita kusa da shi.

Yawa ne, ba sauri ba

Layin da ke kwance a ƙasan zanen yana ɗauke da harafin Q, ko kalmar Flow. A nan kuma kalmar da ke zuwa baki da wuri ita ce "gudun ruwa" ko "saurin ruwa". Ba ita ba ce. Q yawan ruwan da ya fito ne a cikin wani lokaci. Sauri abu ne dabam, kuma shi ma yana da layinsa a takardar: kamfanoni da dama sukan nemi ruwa ya riƙa wucewa ta jikin moto da saurin da bai gaza mita 0.15 a daƙiƙa ba, domin ruwan ne ke sanyaya shi. Idan an riga an kashe kalmar "sauri" a kan Q, da me za a fassara wannan? Saboda haka Q ya zama "yawan ruwa a awa" ko "yawan ruwa a minti", gwargwadon ma'aunin da ke rubuce.

Ma'aunin ne ke bukatar kulawa. Za ka ga m³/h, wato mita kubik a awa. Mita kubik ɗaya lita 1,000 ne, jarka 40 ke nan ta 'yan ga-ruwa mai cin lita 25. Za ka ga l/min, lita a minti. Kamfanin Pedrollo na Italiya yakan jera su biyun a saman jadawalinsa, ɗaya kan ɗaya, kuma ido yana iya zamewa daga wannan layi zuwa wancan. Bukatar makarantarmu 3 m³/h ce, daidai da lita 50 a minti, wato jarka biyu kowane minti. Ina ganin ya dace duk fassarar Hausa ta ɗauki wannan lissafin jarka a gefe, domin da shi ne mai gadin makaranta zai iya gwada famfon da agogon wayarsa.

Galan kuwa iri biyu ne. Na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila lita 4.546, bambancin kashi ashirin cikin ɗari. Takardar da ta rubuta gpm galibi na Amurka take nufi, kuma rubuta "galan" tsura a Hausa bai gaya wa kowa komai ba. A Maraɗi ko Damagaram, inda takardun Faransanci suka fi yawa, tsayin turi yakan fito da haruffan HMT, kuma waƙafi suke sawa inda mu muke sa ɗigo. Wanda ya ga 1,500 a irin wannan takarda ya tsaya ya duba da kyau ko ɗaya da rabi ake nufi ko dubu ɗaya da ɗari biyar.

Layin da ke haɗa su

Yanzu mun zo zuciyar takardar. Kwalin famfon da makarantar ke dubawa ya ce Max Head 75 m, ya kuma ce Max Flow 5 m³/h. Dukansu gaskiya ne. Abin da kwalin bai faɗa ba shi ne ba sa taɓa haɗuwa. Ka tuna tiyon ban ruwa: yana kwance a ƙasa ruwa na bulbulowa, kana ɗaga bakinsa sama yana raguwa, har ka kai inda ruwan zai tsaya a bakin tiyo ba ya zuba. Wannan wurin shi ne iyakar tsayin turi. A mita 75 famfon nan ko ɗigo ba ya bayarwa. Lita 5,000 a awa kuma sai idan kusan babu tsayin da zai hau.

Lanƙwasasshen layin da ke gangarowa daga hagu zuwa dama shi ke faɗin abin da ke tsakani. A misalinmu yana nuna lita 1,500 a mita 66, lita 3,000 a mita 48, lita 4,200 a mita 25. Karanta shi ba wuya: ka sa yatsa a kan 45 a layin tsaye, ka ja shi a miƙe zuwa dama har ya taɓa lanƙwasasshen layin, sannan ka sauko ƙasa ka karanta yawan ruwa. Za ka sauka kaɗan gaba da 3. Famfon ya dace da rijiyar, kuma bai wuce lita 3,500 da take iya bayarwa ba.

Na fi son a kira shi "layin aikin famfo", wurin da yatsa ya tsaya kuma "mazaunin aiki". Amma ko da wane suna aka zaɓa, kalmar Max ba za a bar ta da "mafi girma" kawai ba. A rubuta "iyakar tsayi, inda ruwa ke daina fita", da "iyakar yawan ruwa, idan babu hawa". Wani zai ce mai fassara ya ƙara abin da babu a asali. Ban yarda ba. Injiniyan da aka rubuta wa takardar ya riga ya san haka tun a aji, shi ya sa ba a rubuta masa ba. Sabon mai karatu bai sani ba, kuma hakkinsa ne a gaya masa. Sharaɗi ɗaya ne: a nuna a fili cewa ƙarin bayanin na mai fassara ne, kada a cusa shi cikin maganar kamfani.

Dubi abin da ke faruwa idan aka kuskure. Wanda aka fassara wa H da "zurfi" zai haɗa 80 da 9, ya sayi famfon da ke ba da lita 3,000 a mita 89. Ya kashe kuɗi fiye da kima, amma ba nan ɓarnar take ba. A mita 45 na gaskiya wannan babban famfo zai ja ruwa fiye da abin da rijiyar ke iya tarawa. Ruwa zai yi ta sauka har ya kai bakin famfon, ya fara shaƙar iska, ruwa na fita yana tsartuwa yana yankewa, yashi na biyowa yana cinye fankokin ciki. A yankunan da ke kan dutse, irin yawancin ƙasar Kano da Zariya, inda ruwan ke fitowa daga tsagogin dutse da ruɓaɓɓen samansa, rijiyoyi da yawa ba su da yalwar da za su jure wannan. Shi kuma wanda ya ga Max Head 50 m a wani ƙaramin famfo ya ce ai 50 ta fi 45, zai samu ruwa siriri kamar zare. Tanki ba zai cika ba, kuma da yake ruwan da ke wucewa ta jikin moto ya yi kaɗan, moton zai yi ta zafi har ya ƙone.

Ƙarfi guda uku, kalma guda

A ƙarƙashin babban zanen akwai ƙarami mai layukan P1 da P2, wani lokaci da na uku mai alamar η ko Eta. Hausa tana da "ƙarfi", kuma muna sa ta ko'ina: ƙarfin wuta idan ana nufin bolt, ƙarfin inji, ƙarfin ruwa. A wannan shafi sai an raba su.

P1 wutar da moto ke ja ce daga janareta ko layin lantarki, sai a ce "wutar da famfo ke ci". P2 abin da ya rage ne ya isa sandar da ke juya fankoki, bayan moto ya zubar da wani kaso a zafi, sai a ce "ƙarfin juyi". Na uku shi ne abin da ya shiga ruwan da kansa, kuma ana samun sa da lissafi mai sauƙi, Q a mita kubik a awa, H a mita:

```
P (kW) = Q × H / 367
```

A makarantarmu 3 sau 45 a raba da 367 ya ba da kilowat 0.37. Wannan ne aikin ɗaga ruwan tsantsa. Idan layin η ya nuna kashi 55 cikin ɗari a mazaunin aikinmu, wato abin da famfo ke mayarwa aiki daga ƙarfin da aka ba shi, to P2 ya zama kusan 0.67. Moto mai kilowat 0.75 ya isa, shi ne ake cewa mai doki ɗaya, 1 HP, tunda doki ɗaya kilowat 0.746 ne. Ƙananan motocin nutso su ma ba sa mayar da duk abin da suka ci. Idan wannan yana mayar da kashi 70, P1 zai kusa kilowat ɗaya.

Ga inda fassara ke shiga aljihun mutane. Alƙalamin da ke jikin farantin moto, 0.75 kW, P2 ne. Wanda aka rubuta wa "wutar da yake ci" a gabansa zai sayi janareta da waya daidai wannan, su yi masa kaɗan. Ga shi kuma a lokacin tashi moto yana fizgar wuta ninki da yawa na abin da yake ci yana tafe, shi ya sa ƙaramin janareta ke shaƙewa da an kunna famfo. Alamar η kuwa kada a ce mata "inganci", domin mai karatu zai ɗauka ana maganar famfo na asali ne da na jabu. "Kason ƙarfin da ya zama aiki" ya fi tsawo, amma ya faɗi abin. Layinta yana hawa ya kai ƙololuwa ya sauko, kuma famfon da aka zaɓa da kyau mazaunin aikinsa yana kusa da wannan ƙololuwa.

Famfunan sola suna juya zanen. A takardun Lorentz na Jamus da na SQFlex na kamfanin Grundfos, layin kwance yakan zama wutar da ke shigowa, layin tsaye ya zama yawan ruwa, sannan kowane tsayin turi yana da nasa layin. Hikimar a bayyane take, tunda wutar rana tana canjawa daga hantsi zuwa la'asar. Mai fassarar da ya saba da zanen farko, ya kwafe sunayen layuka ba tare da ya duba ba, zai sa kowane suna a inda ba nasa ba.

Abin da ba a taɓawa

Akwai ƙananan rubutu a kusurwar zanen da ido ke tsallakewa, alhali duk layukan a kansu suka dogara. Mafi muhimmanci shi ne 50 Hz ko 60 Hz. Wutar Najeriya da Nijar da Gana mai 50 ce, kuma da ita moton nutso ke juyawa kusan sau 2,900 a minti. Ta Amurka mai 60 ce, juyi kusan 3,450. Famfo mai fankoki da aka zana wa layi a 60, idan aka sa masa 50, yawan ruwansa yana komawa kashi biyar cikin shida, tsayin turinsa kuma kusan kashi 69 cikin ɗari. Mita 75 ta zama 52. Kafin a fassara kalma ɗaya, a tabbatar takardar 50 ce a hannu. Wannan ka'ida ce kuma ke bayyana dalilin da ruwa ke raguwa idan janareta ya gaji yana juyawa ƙasa da ƙa'ida: a 45 Hz kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsayin turi ya tafi.

Lambar famfo ba a fassara ta, ba a gyara mata ko harafi. A SP 5A-12 na Grundfos, 5 tana nufin an gina shi don kusan mita kubik 5 a awa, 12 kuma yawan matakan fankokin da aka jera a ciki. Ana iya bayyana haka a gefe, amma lambar ta zauna yadda take, domin da ita za a nemi kayan gyara. Haka H da Q da P1 da P2 da kW da NPSH: su zauna, Hausar ta zo kusa da su, saboda falamban da zai riƙe fassarar a hannu ɗaya yana duban farantin moto a ɗaya hannun. Inda aka ambaci ISO 9906, ma'aunin gwajin famfuna ne, kuma matakinsa na 3B ya yarda famfo ya kauce wa layin da kashi 9 cikin ɗari a yawan ruwa, da kashi 7 a tsayin turi. Yana da kyau mai karatu ya san wannan, don kada ya zargi mai shago a kan ɗan bambancin da kamfani ya riga ya faɗa.

Gwajin fassarar ba a kan tebur ake yin sa ba. A miƙa ta ga wanda bai ga ta asali ba, a ba shi alƙaluman rijiyar, a ce ya nemo yawan ruwan da za a samu. Idan ya fara tambayar inda ruwa ke tsayawa lokacin ja maimakon zurfin rami, kalmar H ta zauna. Idan yatsansa ya sauka kusa da 3, layin aiki ya zauna. Bayan an zura famfo kuma, a hau wurin tanki da jarka mai lita 25. Ta cika a daƙiƙa 30, rijiya da takarda sun yi daidai. Ta ɗauki minti guda, famfon yana ba da lita 1,500 ne kawai, kuma layin aiki ya ce yana fama da tsayin mita 66 maimakon 45. Sai a nemi mita 21 ɗin da suka ƙaru: ko ruwan rijiya ya sauka saboda rani, ko an sa siririn bututu, ko wani bawul bai buɗe duka ba. Idan duk waɗannan lafiya suke, a duba juyin janareta, sannan yoyo a bututun cikin rami, kafin a ciro famfon a duba ko yashi ya cinye fankokinsa.